Ranar da Hajiya ta nuna ni a fareti

Zan faɗi abin yadda na tuna shi, ko da yake abin da ya faru ya koya mini kada in cika yarda da tunawata. A shekarar da nake bautar ƙasa a wani ofis a Kokomlemle, aka kama taubashina, ɗan kawuna, bisa zargin fizgen jaka.

Ranar Babbar Sallah ne wata Hajiya ta zo daga unguwar Madina gaida 'yan'uwanta a Nima. Tana sauka daga motar haya, trotro, sai wani a kan babur ya fizge mata jaka ya shige lungu. Ta ce wa 'yan sanda dogo ne, baƙi, siriri, sanye da riga mai ruwan ganye da zanen tauraro. To, a wajenmu kowace majalisar samari, wadda muke kira bes, takan ɗinka yadi iri ɗaya na Sallah, kuma a wannan shekarar yadin tauraro na bes ɗin taubashina ne. Shi ne kuma mai babur a cikinsu, da shi yake kai wa mutane saƙo. 'Yan'uwan Hajiya suka haɗa riga da babur suka kai sunansa caji ofis. Babu wanda ya tsaya tuna cewa mai yadin ya sayar da ragowar ga duk wanda ya zo.

Ni ba na gari ranar, na yi Sallah a Kumasi wurin gwaggona. Na dawo na tarar da Mma, mahaifiyar taubashin nawa, ta daina cin abinci. Jakar ba a same ta a wurinsa ba, saboda haka maganar ta rage ga idon Hajiya. Idan ta nuna shi, kotu za a kai shi, babur kuma ya ci gaba da zama a bayan caji ofis yana tsatsa, aikin saƙo ya tafi.

Babban ɗan Hajiya ya so a gama da wuri. A gabana ya ce wa Sufeton da aka ba aikin tantance wanda ake zargi, wata mace mai magana a hankali, "Madam, ai abin ba wuya. A fito da shi, tsohuwa ta kalle shi, ta ce e ko a'a."

Sufeto ta ce, "Alhaji, idan na fito da mutum ɗaya daga sel, ɗakin tsarewa, ɗan sanda riƙe da hannunsa, na riga na ba ta amsa. Ko limaminku na fito da shi haka, za ta ce ya yi kama."

Ta ce fareti za a yi: a jera shi cikin mutane takwas masu kama da wanda Hajiya ta kwatanta, waɗanda aka tabbatar ba su da hannu. 'Yan bes suka taso gaba ɗaya za su taimaki ɗan'uwa, ta mayar da su, domin duk wanda ya sa yadin tauraro a Nima ranar Sallah ba za ta iya rantsuwa a kansa ba. Sai idonta ya faɗo kaina. Dogo, baƙi, siriri, kuma ina Kumasi lokacin da abin ya faru, ga hotunan Sallah a wayata. Na ce ina ganin zan iya, sai dai ban sani ba ko ya kamata in fara sanar da ofishinmu. Mma ta dube ni, na ce zan zo.

Da safen faretin ni da Mma kowa ya yi nasa shirin, kuma duk mun yi kuskure. Ita ta kawo wa ɗanta farar shadda mai aiki a wuya, da hula, da carbi, wai don Hajiya ta ga ɗan mutunci ne. Ni kuma na zo da farar shat da taye da tabarau, don kada a yi zaton ni ne. Sauran mutum bakwai ɗin daga tasha da kasuwa aka roƙo su, kowa da tishat ɗinsa.

Sufeto ta kalle mu ta ce, "Mma, kin yi masa ado kamar ango. Cikin mutum tara shi kaɗai zai yi ƙyalli, ido kuwa wurin wanda ya bambanta yake zuwa. Ki mayar da shaddar gida."

Mma ta ce, "To a bar masa carbin mana."

"Sai dai in kina da guda tara."

Ni ma aka sa na cire taye, aka ara mini tishat ɗin wani kofur mai warin man zafi. Tabarau ma aka karɓe, tun da Hajiya ba ta ambaci tabarau ba kuma babu mai shi a layin. Na yi ƙoƙarin bayyana cewa ba na gani sosai in babu shi. Taubashina ya ce, "Chale, mutumina, ba kai za ka gani ba, kai za a gani. Digirinka bai faɗa maka ba?" Mutumin da ya kwana a sel ne yake yi mini dariya.

A tsakar gidan caji ofis aka jera mu. Ɗan sandan da ke binciken ƙarar an hana shi shigowa, saboda shi ya kamo mutumin, kuma ko da tari ko kallo yana iya nuna wa mai shaida inda yake so. Aka ce taubashina ya zaɓi inda zai tsaya, aka tambaye shi ko yana da ƙorafi a kan wani a layin. Ya ce, "Wannan dogon ya cika muni, amma a bar shi." Ya tsaya na uku, ni ina na shida.

Shaidu biyu ne, Hajiya da wata mai koko da ke bakin titi lokacin fizgen. An ajiye su a ɗaki daban-daban. Daga baya na ji dalili: a cikin kwanakin da suka wuce, ɓarawon Hajiya ya riga ya tsiro gemu, wanda babu shi a bayaninta na farko. Wata maƙwabciya ce ta ce ta ga gemu, Hajiya ta ji, tun daga nan ita ma take ganinsa a ranta. Ba ƙarya take yi ba. Abin da mutum ya gani da abin da aka gaya masa sukan cakuɗe, har ya kasa raba su.

Aka shigo da Hajiya. Ni dai wani dunƙule na gani mai mayafi. Na ji Sufeto tana ce mata, "Hajiya, mai yiwuwa wanda ya ɗauki jakarki yana cikin waɗannan, mai yiwuwa ba ya ciki. In ba ki gan shi ba, ki ce ba ki gan shi ba, wannan ma amsa ce. Ko kin nuna ko ba ki nuna ba, za mu ci gaba da bincike." Sannan ta koma bayanta ta tsaya.

Hajiya ta fara tafiya a gabanmu. Ina jin ƙarar silifas ɗinta da ƙamshin turarenta. Na gaya wa kaina in tsaya kamar marar laifi, sai na gane ban san yadda marar laifi yake tsayuwa ba. Na sa hannu a baya, na ga kamar ɗaurarre, na dawo da shi gaba. Na runtse ido don in ga fuskarta, sai na tuna runtse ido na iya zama abin zargi, na buɗe shi da yawa. Ta wuce taubashina ko tsayawa ba ta yi ba. Ta kai ƙarshen layi, ta dawo, ta tsaya a gabana.

"Ga shi nan. Wannan ne. Ya aske gemun."

Na ce, "Hajiya, ina ganin wataƙila akwai ɗan..."

Sufeto ta ɗaga mini hannu, na yi shiru. Ta tambaye ta, "Yaya tabbacinki yake, da bakinki?"

"Kamar yadda na san sunana. Dubi yadda yake zare ido! Ɗan nan, ba ka ji kunyar ranar Sallah ba?"

Sai na ji bakina ya ce, "Ki yi haƙuri, Hajiya." Wallahi ban san dalili ba. Haka aka rene ni, in babba ya yi faɗa a ba shi haƙuri. Daga wurin na uku na ji wani sauti kamar an toshe famfo.

Aka fita da ita ta wata ƙofa don kada ta haɗu da mai koko. Aka ba taubashina damar sauya wuri, ya koma ƙarshen layi, kafaɗarsa tana rawa don dariya. Mai koko ta zo ta dube mu sama da ƙasa ta ce, "Madam, ni bayansa na gani da rigar. Fuska kam, in na ce na gani na ɗauki alhaki." Ta tafi, wai kokonta na hucewa.

Da aka watse na bi Sufeto ina tambaya ko in kira gwaggona ta Kumasi, ko in nemi lauya. Ta miƙo mini tabarau ta ce, "Kwantar da hankalinka. Amfaninka ke nan a layin. Mun san ba kai ba ne, shi ya sa muka tsayar da kai. Wanda jaka ta kuɓuce masa cikin ƙiftawar ido, jakar yake kallo, ba fuska ba. In ya zo nan kuma yana so ya taimaka, sai ya zaɓi wanda ya fi kama da abin da ya rage masa. Da ɗan'uwanka shi kaɗai muka nuna mata, wannan tabbacin da ta yi a kanka, a kansa zai sauka."

Ɗan Hajiya ya so a sake faretin, wai tsohuwa ta ruɗe ne. Sufeto ta ƙi. Ta ce yanzu Hajiya ta riga ta ga fuskar taubashina a layi, in aka sake jera shi cikin sababbin mutane, shi kaɗai zai zama sananne a idonta, kuma ba za a san daga ina ta san shi ba, daga bakin titi ko daga tsakar gidan nan.

Ba zan ce faretin ya tabbatar da cewa taubashina bai yi ba, don ba aikinsa ke nan ba, ko da yake ni na san bai yi ba. Abin da ya nuna shi ne babu idon da ya gan shi. Da babu jaka, babu shaida, sai yadin da rabin unguwa ke da shi, aka sallame shi da yammar ranar, babur ya biyo baya cikin makon. Ranar da ya karɓo babur ɗin, shi ya goyo ni zuwa unguwar Maamobi, yana gaya wa duk wanda muka wuce cewa ya kamo ɓarawon Hajiya.

Har yau in na shiga gidansu, Mma takan ɗauke jakarta daga kan kujera ta rungume, sannan ta ce a zubo mini tuwo. Ni da taubashina kuma muna musu a kan mayafin Hajiya. Ni na ce shuɗi ne, shi ya ce ja. Ya ce ni ba ni da tabarau a lokacin, na ce shi ma dariya ta cika masa ido da hawaye. Mun tambayi Mma, ta ce fari ne, kuma ta rantse. Ina ganin ba a bar ta ta shiga tsakar gidan caji ofis ba ma ranar, amma ban gaya mata ba.