Guraben da Kawu ya ƙi cikewa

Shekara tara na yi ina koya wa manya Faransanci a wani ɗakin ƙungiya da ke ƙasan benenmu a Vaulx-en-Velin, gefen birnin Lyon, kuma ba yabon kai ba, na iya aikina. Na koya wa matan da ba su taɓa riƙe biro ba, na koya wa direbobi masu gyangyaɗi a kan kujera. Saboda haka da kawuna, yayan mahaifiyata, ya kira ni daga Paris ya ce yana son taimako, ban ko yi shawara da kowa ba na ce ya kwantar da hankalinsa, aikin ya zo hannun masu shi.

Kawu ɗan kasuwa ne, yana da shagon shadda da atamfa a unguwar Château Rouge, yana kwana a Stains, can bayan gari. Katin zamansa na gajeren wa'adi ne, kullum cikin sabuntawa yake. Yana neman na shekara goma, don ya riƙa zuwa Maraɗi ya zauna wata biyu ko uku wurin tsohuwarsa, wato kakata, ba tare da yana lissafin ranar da takarda za ta mutu ba. Tsohuwar ta yi nisa, ido ma ya fara tafiya. Amma ba a ba da katin sai da shaidar cin jarrabawar harshe, kuma an ɗaga matakin da ake nema. Ya shiga sau ɗaya ya faɗi. Ya sake yin rajista, wannan karon a Lyon, don nan ne ya sami wuri da wuri. Saura mako bakwai.

Muka tsara: in aika masa da darasi ta waya, ya cike a takarda tsakanin azahar da la'asar, ya ɗauki hoto ya maido mini. Makon farko da na biyu komai ya tafi sumul. Kawu yana da kai, rubutunsa ma ya fi nawa kyau. A mako na uku muka shiga jimlolin sharaɗi, wurin da na fi jin daɗin koyarwa, don Bahaushe ya riga ya san rabin abin tun daga gida. Muna da “in” ga abin da zai iya faruwa, muna da “da” ga abin da bai faru ba. Na rubuta masa haka, kashi uku. In abu mai yiwuwa ne, bayan “si” a sa aikatau na yanzu, ɗaya ɓangaren ya ɗauki na gaba: “si tu viens, je te verrai”, in ka zo zan gan ka. In zato ne kawai game da yau, bayan “si” a sa imparfait, ɗaya ɓangaren ya ɗauki conditionnel: “si j'avais le temps, je viendrais”, da ina da lokaci da na zo. In kuwa abin ya wuce kuma bai faru ba, sai plus-que-parfait da conditionnel passé: “si j'avais su, je serais venu”, da na sani da na zo. Na ja layi biyu ƙarƙashin gargaɗina na kullum, cewa conditionnel ba ya zama kusa da “si” na sharaɗi, ko da ya ji yaran Stains suna faɗin haka.

Hoton da ya dawo ya ba ni dariya da farko. Jimla goma na kashin farko ya cike su daidai, sai dai bayan kowace ya ƙara “inchallah” da ƙananan haruffa, har a jimlar da ke cewa in aka yi ruwa gobe za mu ɗauki laima. Na bar masa wannan, ba ta ɓata komai ba. Kashi na biyu ya cike shida ya tsallake huɗu. Kashi na uku kuwa fari fat, ko ɗigo babu.

Na ce a raina, to, nan ne ciwon yake. Na sake bayani da murya, na zana masa jadawali mai launi uku, na aika da sababbin jimloli. Suka dawo yadda na farko suka dawo. Na rage su zuwa biyar, na sa masa rabin amsa. Ya cike biyu ya bar uku. Raina ya fara ɓaci, don ban saba ɗalibi ya gagare ni ba, balle na gida. Na kira shi, muka yi gajeriyar gaisuwa irin ta waya, na tambaye shi abin da bai gane ba.

“Ba komi, ɗiyata,” in ji shi. “Aiko wasu dai.”

Ranar Asabar na bar wa maigidana yara, na hau jirgin ƙasa na safe zuwa Paris, na shiga metiro layi na huɗu da jakar littattafai a kafaɗa. Na iske shagon cike. Kawu ya nuna mini kujera bayan tulin shadda, ya aika aka sayo mini shayi, ya ci gaba da ciniki. Wata mata ’yar Kamaru ta riƙe wata atamfa tana ta jan farashi, shi kuma yana girgiza kai kamar an yi masa rasuwa. Sai na ji ya ce mata, cikin Faransanci tsaf: “Ah, madame, si vous étiez venue hier, je vous l'aurais laissée moins cher.” Wato da jiya kika zo, da na bar miki da sauƙi.

Na ajiye kofin shayin. Plus-que-parfait a wurinsa, conditionnel passé a wurinsa, abin da na yi mako biyu ina zana wa jadawali. Kafin azahar na ƙirga irin wannan jimla sau huɗu daga bakinsa, babu ko tuntuɓe.

Da ya dawo daga salla na shimfiɗa masa takardunsa a kan teburin yanka yadi. Na ce, “Kawu, ashe wasa kake yi da hankalina? Abin da ka faɗa wa matar nan shi ne abin da ka ƙi rubuta mini.”

Ya sa tabarau ya bi jimlolin da yatsa. Ya tsaya a kan ɗaya, wadda ke cewa da ban bar ƙasata ba, da na zama kaza da kaza. Ya gangara zuwa wata, da na yi karatu mai zurfi. Wata kuma, da ba ni da lafiya yau.

“Ke dubi mi suke so in rubuta da hannuna,” ya ce. “Waccan maganar kasuwa ce, ni da ita duk mun san ciniki ne. Wannan kuwa ‘je’ ne, ni ne. In zauna in rubuta da na yi kaza da kaza ta faru? Abin da Allah ya hukunta ya wuce. Tun muna yara malam ya hana mu wagga magana. Kuma in jawo wa kaina ciwo da bakina don cike takarda? A'a.”

Kunya ta kama ni, gaskiya. Ni ma a gidan da aka hana wannan magana na tashi, amma shekarun aji sun sa na daina jin abin da jimlolin ke cewa, sai dai inda gurbi yake. Na koma na duba huɗun da ya tsallake a kashi na biyu. Duka na “je” ne, kuma duka ko ciwo ko talauci ko raina abin da mutum ke da shi.

Kunyar ba ta daɗe ba, don nan take na ga hanya. Na ɗauki biro na soke littafin gaba ɗaya, na rubuta masa jimla ashirin daga cikin shagonsa. Da kwantena ta iso kafin azumi, da ’yan sari sun yi kaza. Da tela ya auna da kyau, da yadin ya yi kaza. In maƙwabci ya rage farashi, mu ma za mu yi kaza. Na gauraya masu yiwuwa da marasa yiwuwa don ya zaɓa da kansa. Ya cike su a tsaye, yana amsa sallamar masu shigowa. Kuskure ɗaya ya yi, ya sa “serait” inda ake son “aurait”, kuma kafin in buɗe baki ya gyara.

Sai na faɗa masa gaskiyar da ta rage. A jarrabawa akwai hira baki da baki, kuma masu tambaya suna son irin wannan: da za ka iya canza wani abu a rayuwarka, me za ka canza? Na koya masa dabara. Ya juya maganar zuwa shago, ya ce da ya sami wuri mai faɗi da ya ƙara kaya. Ba ƙarya ba ce, ba kuma jayayya da ƙaddara ba ce. Muka maimaita har ta zauna masa. Na koma Lyon da yamma ina jin kaina kamar wadda ta ci kasuwa.

Ya sauka gidanmu kwana ɗaya kafin jarrabawa, da tsarabar kilishi da turmin atamfa. Da safe na raka shi a bas da metiro har ƙofar wurin, na zauna a wani benci ina jira. Ban damu ba ko kaɗan, na san abin da na shirya.

Da ya fito muka taka zuwa tashar bas. Na tambaye shi ko tambayar ta fito. Ya ce ta fito, kusan yadda na faɗa. Na ce to, ya ba matar da ta yi masa tambayar maganar shago?

“Na buɗe baki in ba ta,” ya ce, “sai wata magana daban ta fito.”

Ya faɗa mini ita a hankali, yana kallon titi: “Si j'avais eu la carte de dix ans, j'aurais enterré mon père.” Da ina da katin shekara goma, da na binne mahaifina.

Na san labarin, kakana ne. Lokacin da ya rasu katin Kawu ya ƙare, sabon bai fito ba, in ya fita ba shi da tabbacin dawowa ga iyalinsa. A waya ya ji an kai shi. Ban taɓa jin ya ambaci abin ba, ko sau ɗaya, kuma duk makonnin nan ina tura masa gurabe ban kawo shi a raina ba. Tausayinsa ya cika ni har na kasa haɗa ido da shi.

“Na yi istigfari a zuci kafin in tashi daga kujerar,” in ji shi. Sannan ya juyo. “Amma dai na sa su daidai ko?”

“Daidai, Kawu. Babu abin gyarawa.”

Sakamako ya fito, ya ci. Katin ya ɗauki watanninsa kamar yadda ya saba, ya zo. A makon da ya karɓe shi ya bar shagon a hannun abokin cinikinsa ya tafi. Daga Maraɗi ya kira ni, ya miƙa wa tsohuwa wayar. Ta sa mini albarka mai tsawo, sannan ta ce in yi haƙuri ta ajiye, ɗanta na zaune kusa da ita kuma tuwonsa yana hucewa.