Tayun Ƙanena da Ƙafar Inna

Motar da Baba ya rasu ya bari ba mu raba ta ba, ni da ƙanena muke hawa, wanda ya riga ɗaukar makulli shi ke da ita. Na yi tafiyar mako biyu, na dawo Bungudu na tarar da ita a ƙofar gida tana ƙyalli kamar amarya. Ƙanena ya kai ta Gusau, an cire mata wili, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a kai, mai inci goma sha biyar, an sa mai sha takwas, da wasu tayu sirara waɗanda robarsu a gefe ba ta fi yatsu huɗu ba. Tsofaffin kuwa ya bar wa mai shago. Na tambaye shi wa ya shawarta, ya ce ai haka ake yayi. Yayi a hanyar Bungudu! Na haɗiye maganar don kada a ce babba ya tsaya cacar baki da ƙaninsa a kan taya.

Kwana uku bayan haka Inna, mahaifiyarmu, ta je suna Tsafe, ta zame a bakin rijiya, ƙashin ƙwaurinta ya karye. Mai ɗori ya ɗaure ƙafar da karare, ya yarda mu mai da ita gida bayan kwana biyar, amma ya ja mini kunne har sau biyu: kada ƙafar nan ta girgiza. Ƙanena ya ce yana da aiki, don haka ni na je ɗauko ta. Tun a tafiya na ji motar tana buga mini baya, amma na ce a raina don babu kowa a cikinta ne, in an ɗora mata nauyi za ta lafa. Wannan wautar tawa ce, ba na ɗora wa kowa ita.

Muka shimfiɗe Inna a kujerar baya da matasai. Da, motar nan takan shanye ƙananan ramuka ba ka sani ba. Yanzu ko tsakuwa muka taka sai ta iso har haƙorana, Inna kuma ta ja numfashi ta ambaci Allah. Ta ce in rage gudu. Na duba agogon gudu, allura tana kan sittin, na ce mata ai a hankali nake tafiya. Har da ɗan gunaguni a raina, wai tsofaffi da tsoron mota.

Mun kusa shiga Gusau na faɗa wani rami mai kaifin baki, irin wanda tsohuwar taya za ta wuce da ɗan jijjiga kawai. Ƙarar da na ji ta ƙarfe ce. Inna ta yi wata ƙara da ban taɓa jin ta daga bakinta ba, har yau kuma ba na son tunawa. Wilin gaba ya lanƙwashe a baki, iska ta fice. Na ɗaura safaya, ita kaɗai ta rage cikin tsofaffin, ta fi sauran gajarta, muka lallaɓa zuwa wurin wani dattijo mai faci, motar tana ja gefe guda.

Dattijon ya dubi wilin, ya girgiza kai. Ya ce siririyar taya ba ta da robar da za ta tare duka, rami na samun ta sai ya isa ga ƙarfe, ya wuce ga wanda ke ciki. Da na ce masa sittin kacal nake yi, sai ya ɗauko igiya ya zagaye sabuwar taya, ya zagaye safaya, ya nuna mini rarar kusan faɗin tafin hannu.

"Agogo juyin taya yaka ƙirgawa, Malam, bai san an canza ta ba," in ji shi. "In ya ce sittin, ka ɗara sittin da uku ko huɗu."

Ba wani yawa ba ne, na sani. Amma tsohuwa da karyayyar ƙafa ta fi allurar gaskiya, ni kuma na musa mata.

Washegari aka ɗauko mai ɗori daga Tsafe. Ya shafa ƙafar, ya ce ƙashin ya goce, sai an ja an sake ɗaurawa. Ya ɗago ya dube ni. Ƙanena yana tsaye a bakin ƙofa, na zuba masa ido ina jiran ya buɗe baki ya ce tayunsa ne. Ya kau da kai. Na so in fasa maganar don fushi, amma ba a gaban mara lafiya ake tone-tone ba, kuma ko na faɗa, Inna ba ta san wili ba, wanda ke riƙe da sitiyari ta sani.

Mai ɗori ya ce mutum ɗaya ya zo ya riƙe ta. Na matsa, Inna ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Na ce maka ka rage, ka ƙiya," in ji ta. "Fita. Ƙanenka shi riƙe ni."

Na fita na tsaya a tsakar gida, ina jin ihunta ta bango, ina jin ƙanena yana ce mata sannu.