Kitsen Baba Dogo

Baba Dogo gajere ne. Ban san wanda ya laƙaba masa sunan ba, amma mugu ne ko wane ne, don sai ya taka kututturen da ake sara ƙashi a kai sannan hannunsa ke kai wa ƙugiyar rataye nama. Kafin in san shi, shekara arba'in da 'yan kai ya yi yana fawa a rumfa ta uku daga ƙofar kasuwa, kuma duk tsawon shekarun nan bai taɓa yanka saniyar da aka ɗaure aka ɗura wa masara da dusa ba. Shanunsa na kiwo ne, masu yawo suna cin ciyawa da bakinsu. Da ƙafarsa yake zuwa wurin makiyaya ya zaɓo.

Ni malamar duba nama ce a mayanka, yanzu na yi ritaya. Na san shi tun makona na farko a aiki, lokacin ina da shekara ashirin da huɗu, ga farar riga sabuwa, ga hatimi a aljihu, kaina kuwa ya fi ƙofar mayankar girma. Mahauta suna ce mini Likita, ni kuma ban taɓa gyara musu ba.

Ina kewar mayankar nan ta da. Siminti jiƙe tun asuba, tururi na tashi daga cikin dabbobin da aka feɗe, ƙarar wasa wuƙa, mata masu wankin hanji suna tsokanar kowa. A cikin hayaniyar nan Baba Dogo ne kaɗai ba ya sauri. Yakan shafa haƙarƙarin saniya da bayan hannu, ya matsa kitsen da yatsa, ya gaya maka ko a fadama ta yi kiwo ko a tudu. Ko gaskiya yake faɗa ko burga ce, ba wanda ya isa ya ƙaryata shi.

A lokacin shanun turke sun riga sun cika gari. Kitsensu fari fat, ya ratsa tsoka kamar zare, naman ga laushi, ga saurin nuna. Inda na yi horo ma irinsu kawai na gani. To ranar Laraba, ƙarshen damina, na zo kan ƙugiyar Baba Dogo na ga kitse rawaya sosai, kamar an shafa masa kwaiduwa. Sai na ji daɗi, don ga abin da na karanta a littafi ya zo hannuna.

Na ce, "Wannan saniyar ciwon shawara gare ta. Ba za ta fita ba."

Da ƙarfi na faɗa, yadda masu wankin hanji da masu turo baro duk za su ji. Ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya.

"'Yata, ɗan duba farin idonta tukuna. Ga kan can. Ki duba jijiyar ƙafa."

"Baba, ni za ka koya wa aikina?"

Na sa aka tura naman ɗakin sanyi a tsare zuwa gobe, rumfarsa ta wuni babu ko tsoka.

Washegari da safe, da ba idon kowa a kaina, na yi abin da ya ce. Shawara ba ta tsayawa a kitse. Takan rina farin ido, da jijiya, da guringuntsi, da cikin manyan hanyoyin jini, kuma sau da yawa hanta kan nuna. Na duba ɗaya bayan ɗaya, duk fari tas, hanta lafiya lau. Kitsen ne kawai rawaya. Saniyar ta ɗan manyanta, ta shekara da shekaru tana cin ɗanyar ciyawa, sinadarin da ke ba karas launinsa ya taru mata a kitse. Hatsi ba shi da wannan sinadarin sosai, shi ya sa na turke ke yin fari. Na sani a takarda, wallahi na sani, ban dai taɓa gani da idona ba.

Na buga hatimi, na bi naman har rumfa, na ba shi haƙuri. Ya ce in zauna. Ya yanko tsoka biyu, ɗaya tasa, ɗaya ta maƙwabcinsa mai farin kitse, ya gasa a kan ɗan kaskonsa da gishiri kawai. Ta maƙwabcin ta narke a baki, ga maiƙo, ɗanɗanonta kuma sanyi-sanyi. Tasa sai da na tauna, amma ƙamshinta ya cika mini baki har hanci, ƙamshin nama sosai, da wani ɗan ƙanshin ganye a ƙarshe.

Ya ce, "Nawa ba ya son gaggawa. Maiƙonsa kaɗan ne, in kika buɗe masa wuta sai ya zama takalmi. Ki rage wuta, ki je ki yi wankinki."

Daga baya na koma littattafaina don in rama masa da abin da zan iya. Naman kiwo ya fi ƙarancin kitse, a ɗan kitsen nasa kuma akwai irin man nan mai amfani da ake samu a kifi fiye da na turke, ko da yake bai kama ƙafar kifin ba, ga bitamin da ciyawa ke bayarwa. Wajen gina jiki da ƙarin jini kuwa kusan ɗaya suke. Na kawo masa wannan bayani da zumuɗi. Ya saurara har ƙarshe ya ce, "To madalla, ashe turawa ma sun gano."

Sai dai maganata ta riga ni shiga kasuwa. Hatimi ƙarami ne, a cinyar nama yake, ba mai ganinsa. Abin da mutane suka riƙe shi ne Likita da bakinta ta ce naman Baba Dogo na da shawara. Matan da iyayensu suka saya a wurinsa suka fara wucewa suna kau da kai. Na riƙa zuwa bayan an tashi aiki, da farar rigata, in tsaya a gaban rumfar in yi ta bayani har makogwarona ya bushe. Su ce, "Haka ne, Likita," su matsa rumfa ta huɗu. Wata ma cewa ta yi tausayinsa nake ji. Na kusa fizge mata kwando.

Tsofaffi biyar ko shida ne suka tsaya masa, waɗanda suka girma da irin wannan naman. Mutum shida ba sa cinye saniya. Nama ya riƙa kwana, yana mayar da shi ɗakin sanyi, bai taɓa ce mini komai ba. Kullum na zo sai ya jawo mini benci ya tambayi lafiyar mahaifiyata. Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Wata uku bayan haka, da safe, na zo kan ƙugiyarsa a mayanka na ga kitse fari fat. Na ɗauka an sauya masa wuri ne. Na waiga, yana tsaye yana wasa wuƙa, bai dube ni ba. Na duba naman, na turke ne, lafiyayye, na buga hatimi.

Da rana na je rumfar. Mutane sun dawo, har da ɗan layi. Wata tsohuwar mai sayen namansa ta ɗaga haƙarƙari tana juyawa, ta ce, "Yawwa Baba, yanzu ka dawo hanya. Wannan ai shi ne lafiyayyen nama." Sannan ta juyo gare ni tana murmushi. "Allah ya saka miki, Likita, ke kika gyara mana shi."

Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗan girgiza mini kai. Ya karɓi haƙarƙarin daga hannunta ya ɗora a sikeli.

"Kilo nawa za a sa miki, Hajiya?"