Ba Fatarsa Aka Duba Ba

Ina da shekara goma sha tara na karɓi lasin, Baba ya raka ni wani ofishin inshorar mota a unguwar Al-Sih da ke Madina. Tun a hanya yake cika baki, wai duk Madina babu direba kamar ɗansa.

Da ma'aikacin ya faɗi farashin, wanda ya ninka abin da Baba ke biya, sai Baba ya buga tebur. Ya juyo gare ni, ya ɗaga murya da Hausa: "Ka gani ko? Baƙar fatarmu ya gani, ɓarawon banza!" Layi kaf ya zubo mana ido. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ma'aikacin ya ci gaba da Larabci, a natse. Ya ce sababbin direbobi, musamman 'yan ƙasa da ashirin da ɗaya, sun fi kowa yin haɗari, kuma kamfani ba shi da tarihin tuƙina da zai duba. In muna son sauƙi, in tuƙa ƙaramar tsohuwar mota, mu sayi inshorar da ke biyan wanda na buge kawai. Farashin zai sauka in na ƙara shekaru ban yi haɗari ba.

Baba ya ce to a rubuta sunansa, a ɓoye nawa.

Ma'aikacin ya ce, "Ranar da yaron ya yi karo, kai za a bi da biya."

Ya miƙo mana takardun da hannu biyu, ya ce da Hausar Kano tsantsa: "Baba, kakana a ƙafa ya zo daga Kano. Shekarun ɗanka na duba."

Baba ya karɓi takardun, muka kama hanyar gida.