Layin da Malama Adawiyya ta bari babu suna

Malama Adawiyya ba 'yar garinmu ba ce. Daga Mashi ta zo Rijiyar Kabo, can ƙasar Zango, a shekarar 2003, lokacin da wata ƙungiyar agaji ta gina mana ƙaramin asibiti ta ɗauke ta aiki. Mijinta ya rasu, ɗa ɗaya da ta haifa bai yi rai ba. Aka ba ta ɗaki a bayan asibitin, ta zauna a ciki shekara takwas. Ita ce awo, ita ce karɓar haihuwa, ita ce rigakafi. Mazan garinmu da ba sa yarda namiji ya duba matansu, su da kansu suke ɗauko su a babur su kawo mata.

Ba ta da yawan magana, kuma tana da faɗa. Idan mace ta tsallake ranar awo, har gida za ta bi ta. Mata suna tsoronta suna kuma son ta. Da la'asar ba ka rasa biyu ko uku a tabarmar ƙofar ɗakinta, wata ta kawo fura, wata ta kawo gulma.

Ni Zailani, malamin firamare ne, ni ne kuma sakataren kwamitin asibitin. Saboda haka ina wurin ranar da jami'in ƙungiyar, wani Maharazu, ya tara mu ya ce tallafi zai ƙare nan da wata goma sha takwas, sai mu tsara yadda asibiti zai rayu bayan tafiyarsu. Dattawa suka yi ta cewa in sha Allahu, in sha Allahu, aka watse. Babu wanda ya san ta inda za a fara, sai Malama.

Ita ta zaunar da mu kamar 'yan aji ɗaya. Magani, ta ce, ba za a ƙara bayarwa kyauta ba. Ƙungiya za ta bar mana na farko a matsayin jari, a riƙa sayarwa da 'yar riba kaɗan, kuɗin kuma ba a taɓa shi sai don sayo wani maganin, kuma sai mutum biyu sun sa hannu. Wanda ba shi da hali fa? Liman ya ce a biya masa daga hatsin zakka, tunda matalauci yana da haƙƙi a ciki, amma kada a taɓa zakka don gyaran rufi. Domin gyara da haƙƙin mai gadi, maigari ya ba da gona a riƙa nomawa da gayya. Allurar rigakafi za ta ci gaba da zuwa daga ƙaramar hukuma kyauta, namu shi ne kula da firjin sola. Har kan rufi ta sa Hussaini mai gadi ya hau, tana ƙasa tana nuna masa yadda ake goge faifan solar.

Sai maganar ma'aikata. Ƙaramar hukuma ta yarda ta karɓi ginin ta kuma biya mutum biyu, amma 'yan asalin yankinta. Malama ta san haka tun da wuri. Shekara uku kafin nan ta lallashi wani manomi ya bar 'yarsa Murjanatu ta tafi makarantar koyon aikin lafiya, ga shi ta kusa gamawa. Sunan Murjanatu ya shiga takarda, da na wani saurayi daga Zango. A ƙasansu akwai layi ɗaya: ma'aikacin da al'umma za ta riƙe da kanta. Malama ta miƙo mini takardar, wannan layin babu komai.

Muka zauna a zauren shugaban kwamiti, Baba Nagoggo, ba tare da ita ba. Kowa ya san sunan da ya kamata a rubuta. Amma ko an yi damina mai kyau, abin da gonar gayya za ta rage bai kai sulusin albashinta ba.

Na ce, "Baba, mu gaya mata abin da muke da shi, ita ta zaɓa."

Ya dube ni kamar na zagi iyayensa. "Kai Malam, ina kunyarka? Matar da ta karɓi haihuwar jikokina bakwai, ita zan je in yi wa tayin buhun gero? Ai wannan wulaƙanci ne. In tana so ta zauna, za ta faɗa."

Na yi shiru. Har yau idan na tuna wannan shirun sai in ji haushin kaina. Mu mutanen nan, kara za ta kashe mu. Muna iya yi wa mutum illa saboda tsabar girmama shi.

Maganar ta shiga gidaje, cewa Malama za ta tafi kuma gari ba shi da abin riƙe ta. Sai kunya ta kama kowa. Matan da suke zama a tabarmarta suka daina zuwa, don ba su san da wane ido za su dube ta ba. Baba Nagoggo ya koma bin bayan masallaci in zai je gona, don kada su haɗu. Ni kaina sai in aika da takardu ta hannun Hussaini. Wata shida tana shimfiɗa tabarma da la'asar, ta naɗe da magariba. Na gan ta sau da yawa daga nesa, kuma ban ƙarasa ba.

Ranar miƙa asibiti aka yi jawabai, aka sa hannu, aka yi addu'a. Ta ba Murjanatu makullai. Bayan kwana biyu yayanta ya zo da mota a-kori-kura ya kwashe ta. Mata suka yi ta kuka a cikin gidajensu, inda ba ta ji ba.

Bayan shekara uku sayen ɗan maraƙi ya kai ni Mashi. Na yi tambaya, aka nuna mini wani shagon magani na ɗan yayanta. Tana zaune a bayan teburin shagon, ta rame, ta sa tabarau. Muka gaisa. Ba ta bari na zauna ba ta fara tambaya. Jarin magani yana juyawa? Na ce yana juyawa. Batirin firji fa? Na ce mun canja bara, da kuɗin gyaɗar gonar gayya. Murjanatu tana bin masu tsallake awo? Na ce har ta fi ki faɗa. Ta yi dariya, sai ga hawaye.

A nan na gaya mata abin da aka yi a zauren Baba Nagoggo, da dalilin da ya sa aka guje ta. Sai ta ce:

"Malam Zailani, ni na ɗauka kun gaji da ni ne. Baƙo raɓa ne, na ce wa kaina. Ta yaya zan rubuta sunana da hannuna in ɗora wa talakawa nauyi? Da mutum ɗaya ya ce in zauna, wallahi ko tuwo kawai za ku ba ni, da na zauna."

Na ce, "To ki dawo, Malama."

Ta girgiza kai. "Wurin ya samu mai shi. In na dawo, mata za su bar yarinyar su dawo kaina, aikin da na yi ya lalace."

Wani ya shigo sayen maganin mura, ta sallame shi. Da na miƙe zan tafi, ta tambaye ni ba tare da ta ɗago ba.

"Ana tambayata kuwa?"

Gaskiyar ita ce asibitin yana tafiya daidai, har an kwana biyu ban ji wani ya ambaci sunanta ba. Na ce, "Kullum, Malama."

Ta dube ni ta saman tabarau, irin kallon da take yi wa mace idan ta ce ta shanye maganinta.

"Allah ya kiyaye hanya, Malam," ta ce.