Yayana Ba Ya Faɗin Yawan Dami

Gonar da muka gada a Gwiwa, yayana ne ke noma ta, ni kuma ina aiki a Kazaure ina aika kuɗi. Shekara uku ina rubuta komai: tiyar iri, buhun taki, kuɗin 'yan ƙwadago daga noman fari har maimai. Shafin girbi ne kullum babu adadi.

Duk kaka sai in hau babur in je in same shi a gindin rumbu.

"Yaya, dami nawa muka samu bana?"

"Alhamdulillahi."

"Na sani, Yaya. Nawa ne?"

"Mutum ba ya tona asirin rumbunsa, albarka guduwa take."

Abin da ke ƙona min rai, ya san lissafin sarai, don dami ɗaya cikin goma yake fitar da zakka, bai taɓa kuskure ba. Ni da na sayi takin ne ba zan ji ba.

Da na buƙaci takardar shaidar biyan haraji, na kai wa jami'in haraji littafina. Ya ce harajin albashi an riga an cire, na gona kuwa a kan riba ake yanka shi, bayan an fitar da abin da aka kashe. In babu lissafin abin da aka girbe da wanda aka sayar, ƙiyasi zai yi.

Ya buɗe shafin girbi, inda don haushi na rubuta amsar Yaya sau uku. Ya ɗago ya dube ni.

"Malam, Alhamdulillahin nan buhu nawa ce?"