Tallan Da Ba A Buga Ba

Teburin Mai Jarida ya girmi shagunan da ke kewaye da shi a bakin shataletalen. Katako ne da shi da kansa ya haɗa tun yana saurayi, da duwatsu na danne takardu kada iska ta kwashe, da almakashi ɗaure da zare don kada a ara a manta. Ciniki dai na rufin asiri ne, amma ba cinikin ne ya yi masa suna ba. Shafin guraben aiki ne. Duk wanda ya gama makaranta a unguwar sai ya yi zaman benci a wurinsa, ya karanta kyauta, in ya ga abin da ya dace da shi a yanka masa daga kwantan jiya. Akwai akawuna da malaman asibiti da har yau in sun wuce sai sun rage gudu sun ɗaga masa hannu.

Wannan ya sa ya yi imani da talla fiye da kima. A wurinsa aikin da aka buga kowa ya gani shi ne na halak, wanda kuwa aka ji a bakin wani, hanya ce ta bayan gida. Shafin yana ta ramewa shekara bayan shekara har ya koma rabin shafi, shi kuwa gogan cewa yake yi ayyukan ne suka ƙare. Mutumin kirki ne, amma in ya kafe a kan abu, sai dai ka gaji ka bar shi.

'Ya'yansa duk sun watse neman abinci, saura Auta. Ta yi karatun aikin ɗakin gwaje-gwaje, ta gama, ta zauna gida tana kula da mahaifiyarta mai ciwon ƙafa. Burin tsohon guda ɗaya ne, ta sami aiki a cikin gari, kada ita ma ta tafi.

Auta ba ta gaji zaman benci ba. Ita fita take yi. Ta rubuta sunan duk wata masana'anta da ke da abin gwadawa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta duba shafukansu a waya, ta yi hira da masu gadi da direbobin da ke lodi. Wata rana da yamma ta kawo masa ruwan wanke hannu ta zauna gefe.

"Baba, kamfanin ruwan roban nan na bayan tasha sun kafa sabon inji. Direbobinsu sun ce za a fara aiki dare da rana. Mutum ɗaya ne ke gwada musu ruwa, ba zai iya kwana ya wuni ba. Dole su ƙara wani."

"Sun buga?"

"Ba su buga ba. Na kai takarduna ofishin bakin ƙofa, na san can za su kwanta. Sunan wanda ke kula da sashen nake nema, in gan shi ko na minti kaɗan ne. Ko ka san wani a can?"

"Ki bari su buga," in ji shi. "Mu ba a san mu da bin ƙofa-ƙofa ba."

Ya san wani kuwa. Akwai wani da kowa ke kira Injiniya, wanda ya daɗe yana tsayawa da mota kowace safiya ya karɓi jaridarsa, kuma tambarin kamfanin na nan a aljihun rigarsa. Bayan 'yan kwanaki ma sai ga shi ya kashe mota ya fito, abin da bai saba ba.

"Mai Jarida, kai da duk masu neman aiki ke zama wurinka, ba ka san wani yaro mai hankali da ya iya gwajin ruwa ba? Muna bukata da gaggawa."

Sunan Auta ya zo har bakin tsohon. Sai ya waiwaya ya ga samarin da ke kan benci sun yi shiru suna saurare, waɗansu sun fi ta daɗewa a zaune. Ya ji in ya ce 'yata, ya ci amanar bencin nan, kuma gobe za a ce Mai Jarida ma ya iya son kai. Ya gyara tsayuwa.

"Ranka ya daɗe, ku buga talla mana. Kowa ya gani, mai rabo ya samu."

Injiniya ya yi dariya ya ce to, za a duba, ya ja motarsa.

Abin da ya fi ciwo shi ne bai gaya wa Auta ba. Ya ƙudura sai tallan ya fito ya yanka ya kai mata da hannunsa, ta ga cewa hanyar ubanta tana nan da ranta. Kowace asuba kafin ya jera jaridu sai ya bi shafin da yatsa. Sati ya wuce, wani ya bi shi. Da ya ga wata ya kusa cika sai ya kasa haƙuri ya tambayi Injiniya ta tagar mota.

"Ai mun ɗauka tuni," in ji Injiniya. "Talla kuɗi ne, kuma takardu za su zo buhu-buhu, wa zai zauna karantawa? Mun tambayi ma'aikatanmu da malaman da suka turo mana ɗalibai sanin makamar aiki. Aka kawo mutum uku, muka gwada su, muka zaɓi ɗaya. Abin haushi, bayan an gama wata yarinya ta samo sunana ta zo da kanta. Ta san injin da muka sayo, ta san gwajin da hukuma ke nema a wurinmu. Da ta zo da wuri da na sa ta cikin gwajin."

"'Yata ce," in ji Mai Jarida.

Injiniya ya daɗe yana kallonsa. "Kuma a nan na tsaya na tambaye ka."

Mai Jarida ya miƙa masa canjinsa.

Auta ba ta zauna ba. Wata tsohuwar malamarta ta ji ana neman mutum a wata masana'antar magunguna, ita ma ba a buga ba, ta ba da sunanta. Aka gwada ta aka ɗauke ta. Sai dai garin tafiyar wuni guda ce a mota. Ranar da za ta tafi ta jera wa uwarta magunguna a kan taga, ta nuna wa uban na safe da na yamma. Tun daga nan shi ke rufe tebur da wuri ya koma gida ya ɗora ruwan zafi na gasa ƙafa, gidan kuwa ya yi musu faɗi.

Shekara ta zagayo, Injiniya ya sake kashe mota. Ya ce yaron da suka ɗauka ya sami wani wuri zai tafi, a turo masa yarinyar nan. Wannan karon Mai Jarida ko gama sauraro bai yi ba, ya lalubo waya ya kira ta.

"Auta, aikin kamfanin ruwan nan ya buɗe. Mai sashen da kansa ya ce ki zo."

"Ayya Baba. Da bara ne. Yanzu sun tura ni kwas, na sa hannu zan yi musu shekara uku." Sai ta tambaya, "A ina ka ga mai sashen?"

"Yana sayen jarida a wurina."

"Tun yaushe?"

Da ya so da ya ce kwanan nan ne, ba mai ƙaryata shi. Amma bai taɓa yi mata ƙarya ba.

"Tun kina firamare."

Ya ji ƙarar injuna a bayanta, ya ji wani yana kiranta daga nesa. Ya jira ta yi faɗa, ya ma fi son ta yi.

"To Baba," ta ce a hankali. "Ka gaida Mama. Kada ka manta na yamma bayan ta ci abinci ne."